DARASIN WANNAN MAKO: Yadda Ake Auna Gabatarwa da Agogo, a Sa Mata Alamomi, a Rage Ta

 A wannan fitowa ta mujallar bango za mu tsaya ne a kan aiki guda ɗaya, wato gabatarwa, 'yar gajeriyar maganar da mai riƙe da makirfo yake yi kafin ya miƙa wa baƙo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin asambuli ya san yadda abin ke kasancewa idan ta yi tsawo. Mai gabatarwa yana ta jero kirari, baƙo yana tsaye da takardarsa a hannu, rana tana ɗagawa, kuma kafin baƙon ya kai tsakiyar maganarsa an kaɗa ƙararrawa. Lokacin da aka ba kulob ba ya ƙaruwa. Duk sakan ɗin da gabatarwa ta ci fiye da rabonta, daga rabon baƙo ta cinye shi, alhali shi aka taru a saurara.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalma ɗaya. A Hausar rediyo za ka ji wani ya ce “daƙiƙa” yana nufin minti, kamar yadda take a Larabci, wani kuma ya faɗe ta yana nufin sakan. Don kada a samu ruɗani, a wannan darasi minti da sakan kawai za mu yi amfani da su. Muna ba da shawara a yi haka a kan kowace takardar shiri, domin idan aka rubuta wa mai gabatarwa “daƙiƙa 30” ba a san wadda zai ɗauka ba.

Ma'aikatan rediyo su ne malamanmu a wannan fanni, saboda su agogo ba ya ɗaga musu ƙafa. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a ranar 13 ga Maris, 1957, minti 15 ne kacal tsawon shirin. Mai sauraren BBC kuma ya san ƙarar nan guda shida da ake ji a kan cikar awa, biyar gajeru, ta shida doguwa. Tun 1924 ake sa wannan alama, kuma farkon ƙarar ta ƙarshe shi ne farkon sabuwar awa. Mai magana dole ya rufe bakinsa kafin ƙarar ta shigo, ko ya gama jimlarsa ko bai gama ba. Haka abin yake a tashoshinmu na gida, irin su Rediyon Kano da Freedom Radio da ta fara aiki a 2003: labarai suna da lokacinsu, talla tana da nata wanda aka biya kuɗi a kansa. Mu ƙararrawar shiga aji ce ke yi mana wannan aiki.

Misalin da za mu bi

Mu ɗauka an ba kulob minti 5 a asambulin Litinin, mun kuma gayyato wani mai rini daga karofin Ƙofar Mata, nan kusa da mu, ya yi wa ɗalibai bayanin sana'arsa. Abu na farko shi ne a raba minti biyar ɗin a kan takarda tun kafin a rubuta kalma ɗaya. Mu ce gabatarwa sakan 30, jawabin baƙo minti 3 da rabi, tambaya ɗaya da amsarta sakan 40, godiya da rufewa sakan 20. Idan ka haɗa za ka samu sakan 300 cif, wato minti 5.

Ga irin gabatarwar da yawancinmu za mu rubuta a zaman farko. Mun sa “Malam Wane” a gurbin sunan baƙo.

“Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Mai girma shugaban makaranta, mataimakansa, malamanmu masu daraja, manyan baƙi, da 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da warhaka. Kamar yadda kowa ya sani, birnin Kano birni ne mai daɗaɗɗen tarihi, wanda ya shahara a fannin kasuwanci da sana'o'in hannu tun kaka da kakanni. Daga cikin waɗannan sana'o'i akwai sana'ar rini, wadda ake yi a karofin Ƙofar Mata, wanda aka ce an kafa shi a shekarar 1498. Don haka a yau muka ga ya dace mu gayyato ɗaya daga cikin masu rini a wannan karofi, wato Malam Wane, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, domin ya yi mana bayani a kan yadda ake haɗa baba da toka har farin ƙyalle ya fito shuɗi. Ba tare da ɓata lokaci ba, muna yi masa barka da zuwa. Bismillah, Malam.”

A ido ba ta da laifi, ko rabin shafi ba ta cika ba. Kalmominta 129 ne. Littattafan koyar da aikin rediyo na Turanci suna da wani lissafi da suke yawan bayarwa, cewa mai karanta labarai yana faɗin kalma uku a sakan ɗaya. Idan muka bi wannan, sai mu ce gabatarwar za ta ci sakan 43, mu kuma yi tunanin cewa da ɗan sauri kaɗan za a iya matse ta. To, wannan lissafin na Turanci ne, kuma na mutumin da ke zaune a ɗakin shiri makirfo na gaban bakinsa. Hausa tana da dogayen wasula waɗanda idan aka gajarta su ma'ana take canzawa, kuma magana a fili ba ta gudu kamar ta cikin ɗaki. Ko a Turancin ma, jawabin da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya yi a filin Gettysburg a 1863 kalma wajen 270 ne, amma ya ɗauke shi minti biyu ko ɗan fiye da haka. Saboda haka ba mu aron lissafin kowa. Kowane mai gabatarwa nasa saurin zai auna.

Riƙe agogo

Agogon awo shi ne wanda ake dannawa ya fara ƙirga daga sifiri, a sake dannawa ya tsaya. Malamin wasanni yana da shi, akwai shi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, kuma yawancin agogunan hannu masu lamba suna da shi. A waya yana cikin manhajar agogo, a wurin da aka rubuta Stopwatch. Idan ya nuna 00:47.36, sakan 47 ke nan da 'yan kai. Lambobi biyun ƙarshe kada su dame ka, domin yatsan mai dannawa ma bai kai wannan sauri ba. Mu dai muna ɗaga su sama, mu rubuta 48.

Mai karatu ba shi ke riƙe agogo ba. Wanda yake karatu yana satar kallon lambobi zai riƙa ƙara sauri ba tare da ya sani ba, sai awon ya fito ƙarya. A samu mutum biyu: ɗaya ya karanta, ɗaya ya tsaya nesa kaɗan da agogo da fensir. Ana dannawa ne a kan sautin farko, wato “A” ta “Assalamu”, a kuma tsayar bayan kalmar ƙarshe ta fita gaba ɗaya. Karatun kuma ya zama a tsaye, da murya irin wadda za a yi ranar taro. Karatun zuci ko na ƙus-ƙus a kan benci kullum ya fi na gaske sauri, don babu numfashi a cikinsa.

Don ka san saurinka, ɗauki wani rubutu na Hausa mai sauƙi, ka ƙirga kalma 100, ka sa alama, ka karanta. Mu ce agogo ya nuna sakan 40. Raba 100 gida 40, ka samu kalma biyu da rabi a sakan. Wannan adadin za mu yi aiki da shi a misalinmu, amma naka yana iya fin haka ko ya gaza. Rubuta shi a bangon littafinka na kulob, zai daɗe yana yi maka amfani.

Yanzu mu koma kan gabatarwarmu. Kafin a raba kalmomin da saurin karatu, akwai wani ɓarawon lokaci da ya ɓuya a ciki, wato 1498. A takarda kalma ɗaya ce. A baki kuwa ita ce “dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da takwas”, kalma tara. Idan mai karatu yana da al'adar sa “alif” a gaba, sun zama goma. Ke nan kalmomin da baki zai furta 137 ne, ba 129 ba. A saurin biyu da rabi, sakan 55 ke nan. Sai kuma wani abin da ba a rubuta ba kwata-kwata: idan ka yi sallama a gaban ɗalibai ɗaruruwa, sai sun amsa, kuma ba za ka hau kan amsarsu da magana ba. Wannan ma sakan 3 ne ko fiye. Ga shi mun doshi minti ɗaya, ninki biyu na abin da aka ba mu. Idan aka bar ta haka, tambayar da aka ware wa ɗalibai ta tafi.

Irin wannan ɓuya ba a shekaru kaɗai take ba. Duk wani gajarce haka yake. Idan rubutu ya ambaci Manzon Allah aka sa baƙaƙe uku a gaban sunan, baki zai karanta salatin cikakke, kuma wannan ba wurin ragi ba ne, sai dai a ba shi lokacinsa a lissafi. Haka kuɗi, da lambar aji, da kwanan wata. Ƙa'idarmu ita ce a takardar da za a karanta a rubuta komai yadda baki zai faɗe shi, harafi da harafi.

A auna sau uku. Idan an samu 56 da 59 da 57, kada a ɗauki matsakaici, a ɗauki 59. Ranar taro akwai lasifika mai amsa kuwwa daga bangon azuzuwa, akwai ƙarar adaidaita sahu daga titi, akwai wanda zai yi tari. Duk waɗannan jinkiri suke jawowa. Akwai kuma wani maɓalli a agogon da aka rubuta Lap. Idan mai awo ya danna shi a ƙarshen kowace jimla, agogo zai ajiye lokacin kowacce daban ba tare da ya tsaya ba. Da wannan ake gane jimlar da ta fi cin lokaci. A tamu za a ga jimla ta biyar, wadda ta fara da “Don haka a yau”, ita kaɗai ta kusa sakan 19.

Ragi

Wasu idan suka ga agogo ya nuna 59 sai su ce bari su sake karantawa da sauri. Wannan ba magani ba ne. Ana gane mai gudu da kunne: ƙarshen kalmomi yana haɗiyewa, “ne” da “ce” suna ɓacewa, ƙ tana komawa k, kuma numfashi yana yanke masa a tsakiyar suna. Na gaba za su ji rabi, na bayan layi ba za su ji komai ba. Abin da za a taɓa shi ne rubutun.

Sai mu yi lissafi daga baya. Muna da sakan 30. Cire 3 na amsa sallama. Cire 2 na dogayen tsayawa guda biyu da za mu sa da gangan. Cire wasu 2 na ko-ta-kwana. Saura 23. A saurin biyu da rabi, kalma 57 ke nan. Yanzu mun san aikin da ke gabanmu: daga 137 zuwa 57, sai an zubar da kalma 80. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai ta ɓata lokaci yana cire “da” a nan, yana cire “kuma” a can, alhali jimloli sukutum ya kamata su fita.

Muna farawa da tambayar abin da gabatarwa take bin mai sauraro bashi. Abu uku ne: wane ne zai yi magana, a kan me, kuma me ya sa shi ya cancanci a saurara. Duk jimlar da ba ta ɗauke da ɗaya daga cikin ukun nan, ita ce ta farkon fita. Dubi wadda ta fara da “Kamar yadda kowa ya sani”. Ita da kanta ta faɗi laifinta. Idan kowa ya sani, to me ya sa za a faɗa wa 'yan Yakasai cewa Kano tsohon birni ne, alhali da yawansu ta gefen ganuwa suke wucewa kullum? Kalma 25 sun tafi. Sai “Ba tare da ɓata lokaci ba”, kalma shida waɗanda ba su da wani aiki sai ɓata lokacin da suke cewa ba za a ɓata ba. Mun sauko zuwa 106.

Sai jimlar shekara. Gaskiya ne ana danganta kafuwar karofin da 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A rubutun bango irin wannan, adadin yana da kyau, mai karatu zai tsaya ya dube shi. Amma kunne ba ya riƙe lamba mai kalma tara. Abin da muke so ɗalibi ya ji shi ne daɗewar wurin, kuma “fiye da shekara ɗari biyar” ta isar da wannan, ba ta kuma yi ƙarya ba. Jimlar da take kalma 31 a baki ta koma 12: “Fiye da shekara ɗari biyar ke nan ana rini a Ƙofar Mata.” Mun sauko zuwa 87.

Wurin gaisuwa yana buƙatar hankali, domin a nan ne ragi kan zama rashin ladabi. Ba ma cire shugaban makaranta, ba ma cire baƙi. Abin da muke yi shi ne haɗa mataimaka da malamai a kalma ɗaya, mu bar “Mai girma” sau ɗaya a farko. Mun ga tarukan da ake kiran kowane babba da sunansa da sarautarsa, kuma a walimar da ke da awa uku wannan daidai ne. A shirin minti biyar ba zai yiwu ba, manyan ma sun san haka. Sallama kuwa “Assalamu alaikum” ta wadatar. Idan al'adar makaranta ita ce a cika ta, to a cika, a nemo kalma biyun a wani wuri. Da waɗannan mun kai 82.

Saura doguwar jimlar nan mai kalma 46. Matsalarta biyu. Ta yi tsawon da ba mai karanta ta da numfashi ɗaya, sannan ta binne sunan baƙo a tsakiyarta. Da zarar an ambaci sunan mutum, shi zai motsa, ɗalibai su juya su dube shi, wasu ma su fara tafi, sauran maganarka ta bi iska. Don haka sunan baƙo ya zama abu na ƙarshe da zai fito daga bakinka. “Muka ga ya dace mu gayyato” labarin taron kulob ne, ba ruwan mai sauraro da shi. Batun baba da toka kuwa shi ne zuciyar shirin, sai mu mayar da shi tambaya don kunne ya buɗe. Ga abin da ya rage:

“Assalamu alaikum. Mai girma shugaban makaranta, malamai, manyan baƙi da 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da safiya. Fiye da shekara ɗari biyar ke nan ana rini a Ƙofar Mata. Amma mu nawa ne muka san yadda baba da toka ke mayar da farin ƙyalle shuɗi? Baƙonmu ya gaji sana'ar, shi zai gaya mana. Malam Wane, bismillah.”

Kalma 55. Karatunsu sakan 22, a ƙara 3 na sallama da 2 na tsayawa, 27 ke nan. A lura kuma ba mu amsa tambayar ba. Mai gabatarwar da ya fara bayanin yadda ake jiƙa baba a rijiyar rini ya ci tuwon baƙonsa.

Alamomi a kan takarda

Rubutun da aka rage bai gama shiri ba sai an nuna wa baki inda zai tsaya da inda zai danna. Waƙafi da aya an yi su ne don ido, kuma ƙanana ne, mai fargaba ba ya ganinsu. Shi ya sa masu karanta labarai suke sa nasu alamomin da hannu. Karan tsaye guda ɗaya, /, yana nufin ɗan tsayawa na shan numfashi. Guda biyu, //, tsayawa ce cikakkiya, kamar ka ƙirga “ɗaya” a zuci a natse. Kalmar da za a danna kuma ana ja mata layi a ƙasa. A nan mun rubuta irin waɗannan kalmomi da manyan baƙaƙe don a gan su daga nesa.

Assalamu alaikum. (jira amsa)
Mai girma shugaban makaranta / malamai / manyan baƙi da 'yan uwa ɗalibai / barkanmu da safiya. /
Fiye da shekara ƊARI BIYAR ke nan / ana rini a Ƙofar Mata. //
Amma MU NAWA ne muka san / yadda baba da toka ke mayar da farin ƙyalle shuɗi? //
Baƙonmu ya GAJI sana'ar / shi zai gaya mana. /
Malam Wane / bismillah.

Dubi inda muka sa dogayen tsayawa biyun. Ta farko tana bayan shekara ɗari biyar, don adadin ya zauna. Ta biyu tana bayan tambaya, domin tambayar da ba a bar mata sarari ba ba ta zama tambaya, kowa yana buƙatar sakan ɗaya ya ji cewa lallai shi ma bai sani ba. Sabon mai gabatarwa yakan ji tsoron shirun nan, sakan ɗaya a gaban jama'a yana yi masa kamar goma. Amma an riga an biya kuɗinsa a lissafi, don haka babu dalilin tsallake shi.

Inda ba a tsayawa ma yana da muhimmanci. Kada kara ya faɗa tsakanin kalmomin da suke tafiya tare. Ba a cewa “shugaban / makaranta”, ba a cewa “Ƙofar / Mata”, ba a raba “farin” da “ƙyalle”. Harafin nan na ƙarshe, -n ko -r, igiya ce da ta ɗaure kalmar da ta gaba, kuma idan numfashinka yana yankewa a irin wannan wuri, alama ce cewa karan da ya gabata ya yi nisa, sai a matso da shi ko a gajarta jimlar.

Game da dannawa, kalma ɗaya ko gaɓa ɗaya a jimla ta isa. Wanda ya ja layi a ƙarƙashin kalma biyar a jimla guda zai yi ta ihu daga farko har ƙarshe, kuma ba a gane wadda yake nufi. Sannan a tuna Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya wani ɓangare ne na kalmar kanta. Idan ka ɗaga murya a kan gaɓar da asalinta ƙasa take, kana iya fitar da wata kalmar daban. Dannawa a Hausa ita ce ka ɗan rage sauri a kan kalmar, ka cika wasulanta, ka ba ta ɗan ƙarfi, amma ka bar mata karinta. Sau da yawa ma harshen ya riga ya yi maka aikin: a “mu nawa ne muka san”, jawo “mu nawa” gaba da sa musu “ne” shi ne dannawar. Idan ka ga wata kalma tana buƙatar ƙarfi sosai, gwada jawo ta farkon jimla kafin ka nemi taimakon maƙogwaro.

Akwai alama ta huɗu da littattafan Turanci ba za su koya maka ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka kalma biyu mabambanta sukan zo da kama ɗaya. A wannan 'yar gabatarwa akwai biyu. “Baƙi” na mutanen da suka zo yana da dogon wasali a farko, “baƙi” na launi kuwa gajere ne, kuma a shirin da ake maganar rini ido yana iya zamewa. Sai “baba”. Na rini daban, na mahaifi daban, a baki kowa ya san bambancinsu. Amma mai karatu cikin fargaba idan ya ce Baba da toka ne ke mayar da ƙyalle shuɗi, dariyar da za a yi za ta ci sakan biyar, kuma ba ta cikin lissafi. Maganin shi ne a zagaye kalmar da fensir, a rubuta ƙaramin tuni a samanta, kamar “na rini”.

Duk alamomin nan da fensir ake yinsu, don za su canza. Wanda zai karanta shi ne zai sa su da hannunsa, domin numfashin kowa daban ne. Takardar kuma a rubuta ta da manyan haruffa, ana tsallake layi, a fuska ɗaya, kowace jimla ta fara a sabon layi. Bayan an sa alamomi sai a sake awo sau uku, saboda awon da aka yi kafin alamomi na wani rubutun ne.

Ranar shiri

Mai agogo ya tsaya inda mai gabatarwa zai gan shi, a hannunsa da takardar da aka rubuta lokacin da kowane sashe zai ƙare, ana tarawa: 0:30, sai 4:00, sai 4:40, sai 5:00. Adadin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne 4:40. Ko me ya faru a tsakiya, a nan rufewa za ta fara, idan ana so a yi godiya a mutunce kafin ƙararrawa. A gaya wa baƙo tun kafin a fara cewa idan ya ga an ɗaga yatsa ɗaya, saura minti ɗaya. Dattijo ba zai ji haushin alamar da aka yi masa bayaninta a gaba ba, wadda ke ɓata rai ita ce a zo a tsaya masa a kai yana tsakiyar magana.

Wani lokaci sanarwar makaranta takan yi tsawo, sai a ce da kulob minti huɗu ya rage. Don irin wannan rana muke sa baka biyu tun a gida a kan jimlar da za a iya tsallakewa ba tare da gabatarwar ta rushe ba. A tamu, jimlar shekara ɗari biyar ce. Idan ta fita, sai “Amma” ta fita tare da ita, don haka ita ma a sa ta cikin bakan, a fara daga “Mu nawa ne”. An samu sakan 6 ke nan, kuma shi ma wannan gajeren karatun a gwada shi da agogo ko sau ɗaya ne.

Abu na ƙarshe shi ne tafiyar baƙo. Idan yana zaune a kujerun malamai, daga can zuwa makirfo yana iya cin sakan 10, duk tattalin da aka yi a kan takarda ya zube a ƙasa. A sa wani ɗan kulob ya rako shi ya tsaya gefe tun ana gaisuwa, yadda da an ce “bismillah” taku ɗaya zai yi.